Yadda Ake Tsara Maimaita Tsofaffin Tambayoyin JAMB a Kan Makonni Goma

Ɗalibi zai sayi littafin tsofaffin tambayoyin JAMB, ya zauna ya amsa na shekara guda, ya duba amsoshi a bayan littafi, ya ga ya ci 22 cikin 40 a Lissafi. Sai ya karanta gyaran goma sha takwas ɗin da ya faɗi, ya gyaɗa kai, ya wuce shekara ta gaba. Bayan wata guda, in ka sake ajiye masa waɗannan goma sha takwas ɗin, mafi yawansu zai sake faɗuwa, kuma ta hanyar da ya faɗi da farko. Gyaran da ya karanta ya shiga kai a ranar, amma ba a sake kiransa ba, sai ya gushe. Maganin abin shi ne a ba kowace tambayar da aka faɗi ranakun da za ta dawo, a rubuce, tazarar tana ƙaruwa duk lokacin da aka ci ta, tana komawa farko duk lokacin da aka faɗi.

Zan yi bayanin da misalin mai shirin JAMB wanda ya rage masa mako goma. Jarrabawar darussa huɗu ce: Turanci tambaya 60, sauran ukun 40 kowanne, jimla 180 a cikin awa biyu, a kan kwamfuta. Mai shirin WAEC ko NECO zai iya bin tsarin, da ɗan gyaran da zan faɗa a gaba.

Me ya sa sai da tazara

Tun a 1885 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya auna yadda mantuwa ke cin abin da aka haddace. Ya gano cewa mafi yawan asarar a awanni da kwanakin farko take faruwa, daga baya sai ta lafa. Shi ya sa bitar farko take zuwa da wuri, tun kafin abin ya ɓace gaba ɗaya, sauran kuma su riƙa nisanta.

Abu na biyu ya fi wannan shafar mai tsofaffin tambayoyi. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Wasu suka karanta shi a zama huɗu, wasu suka karanta a zama ɗaya, sannan aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku ba tare da dubawa ba. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu yawan karantawa ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, masu karantawa sun tuna kusan kashi 40 cikin ɗari, masu rubutawa daga ka kusan kashi 61. Wato abin da ke kafa ilimi shi ne wahalar lalubo shi daga ƙwaƙwalwa. Wanda ya yi hadda a makarantar allo ya san wannan tun kafin a auna shi: ana wanke allo, amma surar ba ta zama sai da tilawa, kuma tilawa da ka ake yin ta, malami yana saurare.

Don haka duk inda na ce bita a nan, ina nufin a rufe amsa, a ɗauki biro, a sake warware tambayar daga farko. Buɗe littafi a kalli tambaya da amsarta a ce "na gane" ba ya cikin lissafi.

Kayan aiki da lambar tambaya

Littafin rubutu ɗaya mai falle 60 ko 80 ya isa, sai biro kala biyu da takardun shara na yin aiki. Ka buɗe littafin ka rubuta kwanan wata a saman kowane shafi, shafi ɗaya rana ɗaya, daga yau har ranar jarrabawa. Mako goma shafi saba'in ke nan. Ka yi wannan a zama ɗaya, domin ranar da za ka tura tambaya zuwa nan da mako uku, kana bukatar ka tarar shafinta yana jiranka.

Ba a kwafe tambaya a cikin littafin, lambarta kawai ake rubutawa. Shekara, harafin darasi, lambar tambaya, sai matakin da take a kai:

```
2019/L/14  m1
2018/K/7   m3
```

Na farko yana nufin Lissafi na 2019, tambaya ta 14, mataki na ɗaya. Na biyu Kimiyyar sinadarai na 2018, tambaya ta 7, mataki na uku. Rubuta wannan ba ya cin daƙiƙa goma.

Wani abu da ake rainawa: kada ka taɓa yin alama a jikin littafin tambayoyin. Da zarar ka zagaye C da biro, ko ka ja layi a ƙarƙashinta da fensir ka goge, tambayar ta mutu a wurinka, don idonka zai riga tunaninka isa wurin. In littafin da ka gada daga yayanka cike yake da alamu, ka yanki kwali ka riƙa rufe zaɓuɓɓukan da shi, ko ka nemi sabo.

Zaman farko da tantancewa

Ka ɗauki sababbin tambayoyi goma sha biyar daga darasi ɗaya, ka amsa su littafi a rufe. Kafin ka duba amsa, kowace ka yi mata alama a takardar aikinka: ko ka tabbata, ko kana shakka, ko canka ka yi. Dole alamar ta riga duba amsa. In ka fara dubawa, zuciya za ta ce maka ai dama ka sani.

Bayan ka duba, tambayoyin za su kasu uku. Wadda ka ci kuma ka tabbata, kana iya faɗin dalili, ba ta shiga jadawali; za ka sake haɗuwa da ita ranar da ka maimaita takardar shekarar gaba ɗaya. Wadda ka faɗi tana shiga. Wadda ka ci da canka ko da shakka ita ma tana shiga, daidai da wadda ka faɗi. Wannan rukuni na uku shi ne ya fi cutar da ɗalibai. Zaɓi huɗu ne a JAMB, saboda haka mai canka zalla ma yakan ci kusan ɗaya cikin huɗu, kuma makin da ya samu ta haka yana ɓoye masa ramin da ke ƙarƙashinsa.

Kafin tambaya ta shiga jadawali sai an gyara ta a ranar. Ka koma littafin darasi ko bayanin malami ka gano inda ka kauce, ka sake warware ta daidai sau ɗaya, sannan ka rubuta sababin kuskuren a layi ɗaya a shafukan ƙarshe na littafinka. "Ban iya ba" ba sababi ba ne. "Na manta canza santimita zuwa mita" sababi ne. Ka kuma tabbatar da amsar da ke bayan littafin, domin littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a kasuwa ba sa rasa amsoshin da aka buga ba daidai ba. In aikinka ya saɓa da amsar littafi kuma ka kasa ganin kuskurenka, ka kai wa malami kafin ka sa ta a jadawali. Tsarin nan yana kafa duk abin da aka ba shi, daidai ne ko kuskure, kuma amsar banza da aka maimaita sau biyar tana da wuyar cirewa.

Matakan tazara

Ga matakan da nake ba da shawara ga mai mako goma. Ana ƙirga kowace tazara daga ranar bitar da ta gabata:

- mataki na 1: bayan kwana 1
- mataki na 2: bayan kwana 3
- mataki na 3: bayan kwana 7
- mataki na 4: bayan kwana 14
- mataki na 5: bayan kwana 21

Ka ci tambaya, ta hau mataki na gaba: ka buɗe shafin ranar da ta dace ka rubuta lambarta. Ka faɗi, a ko wane mataki take, ta koma na ɗaya, gobe ta dawo. Wannan ƙa'ida ta hawa da komawa asalinta tsarin akwatunan katin da wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya yaɗa a 1972. Shi da akwatuna ya yi, mu da shafukan littafi.

Lambobin ba saukakku ba ne. In kwana 7 ya zama 6 ko 8 babu abin da zai lalace. Abin da ke da tushe shi ne tazarar ta dace da nisan jarrabawa. A wani bincike na 2008, Nicholas Cepeda da abokan aikinsa sun koya wa mutane fiye da dubu wasu bayanai, suka yi musu bita ɗaya bayan tazara daban-daban. Ga wanda za a gwada bayan mako guda, tazarar kusan kwana ɗaya ce ta fi. Ga na kwana 35, kusan kwana 11. Ga na kwana 70, kusan mako uku. Bayanai ne na haddacewa, ba warware lissafi ba, kuma bita ɗaya ce kawai, amma darasin ya fito: jarrabawa mai nisa tana son doguwar tazara. Wanda ke maimaita tambaya kullum har mako guda ya bar ta, ya shirya wa gwajin ƙarshen mako ne.

Tambaya ɗaya daga farko har ƙarshe

A ce wata ɗaliba ta fara ranar Litinin 2 ga Fabrairu, jarrabawarta kuma 13 ga Afrilu. A cikin tambayoyin ranar akwai ɗaya a kan jerin lambobi masu tazara iri ɗaya, wanda littafin Lissafi ke rubutawa AP. An ce lamba ta 4 a jerin ita ce 13, ta 10 kuma 31, a nemo lambar farko. Zaɓuɓɓuka: A 1, B 3, C 4, D 7.

Ta rubuta a + 4d = 13 da a + 10d = 31, ta samu d = 3, ta samu a = 1, ta zaɓi A cike da tabbaci. Amsa C ce. Da ta koma littafi sai ta ga ƙa'idar:

```
Tn = a + (n − 1)d
a + 3d = 13
a + 9d = 31
6d = 18,  d = 3,  a = 4
```

Ta rubuta sababi: "na sa n maimakon n − 1". Ka lura masu shirya tambaya sun san da wannan kuskure, shi ya sa suka ajiye 1 a cikin zaɓuɓɓuka, suka kuma ajiye 3 don wanda zai tsaya a d. Ta buɗe shafin Talata 3 ga Fabrairu ta rubuta lambar tambayar da m1.

Talata ta ci, ta tura ta Juma'a 6 ga wata. Juma'a ta ci, ta tura ta 13 ga wata. Ranar 13 ne abin ya fito fili. Tana ganin tambayar ta tuna amsa C ce, 4. Amma ƙa'idar bita ita ce a rubuta aiki, sai ta rubuta, hannunta ya sake zuba a + 4d, aikin ya ba ta 1. Ta san 4 ce, ga takarda tana cewa 1. A nan ɗalibai da yawa za su ce ai na san amsa, su ba kansu maki. Ita ta lissafa ta a matsayin faɗuwa, kuma ta yi daidai, domin abin da ta riƙe harafi ne, hanyar kuwa ta zame bayan kwana bakwai. A zauren jarrabawa lambobin za su canza, harafin C ba zai bi ta can ba.

Tambayar ta koma mataki na ɗaya: Asabar 14 ga Fabrairu, sai Talata 17, sai Talata 24. Ranar 24 ba ta amsa asalin tambayar ba, ta amsa tagwayenta, wato irinta mai wasu lambobi daban, da ta ƙirƙira tun ranar 14: lamba ta 3 ita ce 17, ta 8 kuma 42. Ta rubuta a + 2d = 17 da a + 7d = 42, ta samu d = 5, a = 7. Da tsohon kuskuren ya dawo da 2 za ta samu. Daga nan sai 10 ga Maris, sai 31 ga Maris, ta ci duka biyun, ta soke lambar da jan biro. Sau tara ta taɓa tambayar a cikin mako takwas, kowane taɓi bai wuce minti biyu ba in ka cire zaman gyara.

Haddace harafi, babbar cutar wannan hanya

Tun da tambaya ɗaya ake ta maimaitawa, daga bita ta uku ƙwaƙwalwa takan fara yanke hanya. Za ka gane haka ta alamu uku: amsa ta zo maka kafin ka gama karanta tambaya, ko kana tuna a wane gefen shafi take, ko ka san amsar amma in aka ce ka faɗi dalili sai ka yi shiru.

Matakin kariya na farko shi ne kwalin nan. Ka rufe zaɓuɓɓuka, ka samar da amsa da kanka, sannan ka buɗe ka ga ko tana ciki. Na biyu ya fi amfani a darussan bayani kamar Kimiyyar halittu, Gwamnati da Tattalin arziki: bayan ka faɗi amsa, ka faɗi abin da ya sa sauran ukun ba su ba ne. In tambaya ta ce wane sashe na ƙwayar halitta ke samar da kuzari, kada ka tsaya a kan amsar, ka faɗi aikin sauran sassa ukun da aka jero. Tambaya ɗaya ta zama huɗu, kuma sau da yawa zaɓin da ba daidai ba a wannan shekara shi ne amsar wata tambaya a wata shekarar. Na uku shi ne tagwaye, ga Lissafi da Fiziks da lissafin sinadarai: daga mataki na uku ka canza lambobi, ko ka nemo tambayar wata shekara a kan batu ɗaya. Ka warware tagwayen ka ajiye amsarta a bayan littafi ranar da littafin darasi ke buɗe a gabanka, don kada ranar bita ka rasa abin da za ka auna da shi.

Ma'aunin ci, saboda haka, abu uku ne a haɗe: amsa daidai, hanya ko dalili daidai, ba tare da leƙe ba. Daga mataki na huɗu ka ƙara lokaci a kai. Tambaya 180 a minti 120 daƙiƙa 40 ke nan kowace a matsakaici. Lissafi yana cin fiye da haka, Turanci yana rama masa, amma tambayar da ka gani sau huɗu kuma har yanzu tana cin minti uku ba ta nuna ba. Kada ka mayar da ita farko, ka bar ta a matakinta ta sake zagayowa.

Lissafin nauyi, inda yawancin jadawali ke karyewa

Makon farko yana da daɗi. Bitar ranar ba ta wuce tambaya goma sha biyu, sai mutum ya ga yana da sarari, ya ninka sababbi. Abin da bai gani ba shi ne kowace tambaya da ta shiga yau ta ci masa bashin zama biyar a gaba. In tambaya shida ke shiga kullum, daga rana ta 11 zai riƙa tarar da kusan 18 a shafi, daga rana ta 25 kusan 24, daga rana ta 46 kusan 30, ban da waɗanda suka faɗo suka koma farko. A ce 35 gaba ɗaya, a minti ɗaya da rabi kowace, kusan minti 50 ke nan. Ana iya ɗaukar wannan. In kuwa ashirin ke shiga kullum, lissafin ya kai ɗari a rana, awa biyu da rabi kafin a taɓa sabon abu. A mako na huɗu irin wannan ɗalibi yakan rufe littafin ya ce tsarin ba ya aiki.

Shi ya sa na ce sababbi goma sha biyar, waɗanda wajen shida zuwa takwas daga cikinsu za su shiga. In fiye da goma suna shiga kullum a wani darasi, ka rage sababbinsa zuwa goma, ka mayar da lokacin ga karanta batun. Goma sha biyar a rana, kwana shida a mako, mako shida, ya ba da 540, daidai da cikakkun takardu uku. Wani zai ce shekara uku kawai? Ni na fi son shekara uku da aka tatse da shekara goma sha biyar da aka bi ta kansu da gudu.

Tsarin yini kuwa: bita tukuna, sababbi daga baya. Mutane da yawa sun fi samun natsuwa bayan asuba, kuma bita ba ta bukatar wuta ko caji, hasken gari ya isa. Sababbin tambayoyi ka juya su tsakanin darussa, yau Lissafi, gobe Fiziks, jibi Turanci. Shafin bita da kansa zai cakuɗe, ka tarar da darussa uku ko huɗu a rana ɗaya. Kada ka jera su batu-batu. In tambayoyi biyar na jerin lambobi suka zo a jere, ta farko ce kaɗai ke gwada ko ka san hanyar da za a bi, sauran kwaikwayo ne. A jarrabawa ba wanda zai gaya maka daga wane babi tambaya ta fito.

Ka ware rana ɗaya a mako da ba ka ɗaukar sababbi. In kana son ta zama hutu gaba ɗaya, duk tambayar da ta faɗo a ranar ka tura ta washegari.

In aka tsallake kwanaki

Za a tsallake. Zazzaɓi, biki, tafiya, aiken gida. A ce kwana uku suka wuce, ka dawo ka tarar da tambaya saba'in suna jira. Ka dakatar da sababbi har sai bashi ya ƙare. Ka fara da 'yan mataki na ɗaya da na biyu, don su ne ɗanyu, kwana uku na iya shafe su. 'Yan mataki na huɗu da na biyar suna iya jiran wasu kwanaki ba tare da wata asara ba. Kada ka wuce arba'in a rana, ka raba sauran a shafukan gaba. Wadda ka ci duk da jinkirin ta hau mataki kamar kullum, ba a hukunta ta don ranarta ta wuce.

Akwai kuma tambaya mai taurin kai, wadda ta koma mataki na ɗaya har sau uku. Ka cire ta daga jadawali. Matsalarta ba mantuwa ba ce, ba a fahimci batun ba ne tun asali, kuma maimaici ba ya koyar da abin da ba a gane ba. Ka duba shafin sababai: in layuka huɗu ko biyar suna nuni ga abu ɗaya, misali logaridim, ka ba batun zama biyu da littafin darasi ko malami ko abokin karatu, ka yi misalai masu sauƙi, sannan ka dawo da tambayar a matsayin sabuwa.

Abin da bai dace da jadawalin ba

Tambayoyin fahimtar nassi a Turanci ba sa amfana sosai, domin da ka san labarin da amsoshinsa babu sauran gwaji. Sabon nassi ya fi. Amma kalmomi masu ma'ana ɗaya da kishiyoyi, karin magana, nahawu da wurin nauyin furuci duk suna shiga da kyau. JAMB tana canza littafin labarin da take ɗora wa ɗalibai lokaci zuwa lokaci, don haka tambayoyin tsohon littafi ba su da wuri a nan. Haka duk abin da ya fita daga manhajar da ake aiki da ita yanzu. Ka ajiye manhajar kusa ka riƙa dubawa.

Ga mai WAEC, takarda ta biyu ta Lissafi tambaya goma ake amsawa a awa biyu da rabi, wato minti 15 kowace. Irin waɗannan ba za su shiga shida a rana ba. Ɗaya ko biyu sun isa, da matakai uku kawai: kwana 2, kwana 7, kwana 21. A bitar tsakiya kana iya rubuta jerin matakan warwarewa da ƙa'idojin da za a yi amfani da su ba tare da kammala lissafin ba, amma ta farko da ta ƙarshe a yi su cikakku, don a wannan takarda ana ba da maki a kan hanya, ba amsar ƙarshe kaɗai ba.

Ƙirgawa daga ranar jarrabawa zuwa baya

Matakai huɗu na farko suna cin kwana 25. Ga ɗalibarmu mai jarrabawa 13 ga Afrilu, tambayar da ta shiga 16 ga Maris za ta gama mataki na huɗu 10 ga Afrilu. Wannan ita ce ranar rufe ƙofa ga cikakken tsari. Daga 17 zuwa 30 ga Maris, abin da ya shiga matakai uku kawai zai samu, kwana 11, kuma a rage yawansa. Bayan 30 ga Maris ba a shigar da sabuwa. Duk tambayar da ranarta ta gaba za ta faɗa bayan jarrabawa, a jawo ta cikin kwanaki goma na ƙarshe, a rarraba, kada a tara su a jajibiri.

Cikakkiyar takarda kuma tana da nata zagayen. Duk Asabar ta biyu ka zauna awa biyu da agogo ka amsa 180 a jere, in da hali a kan kwamfuta don hannu ya saba. Takardar shekarar da ka riga ka tatsa, ka maimaita ta bayan mako uku ko huɗu da gama ta. A nan ne tambayoyin da ka ci da tabbaci tun farko suke samun bitarsu, kuma duk wadda ta faɗi a cikinsu ta shiga mataki na ɗaya. Sai dai makin takardar da aka maimaita kullum yana kumbura, kada ka auna kanka da shi. Tun ranar farko ka keɓe shekaru uku na baya-bayan nan, kada ka leƙa su ko kaɗan. Ka amsa ɗaya a ƙarshen mako na huɗu, ɗaya a na bakwai, ɗaya a na tara. In makin takardun da ka maimaita yana hawa amma na waɗannan yana tsaye wuri ɗaya, haruffa kake haddacewa: ka ƙara yawan tagwaye, ka tsananta rufe zaɓuɓɓuka, ka koma shafin sababai ka ga wane batu ne ke ta dawowa.

Mai waya zai iya zuba lambobin tambayoyin a manhajar Anki ta riƙa fito masa da su, amma ya sa iyakar tazara kada ta wuce kwana 21, don in aka bar ta yadda take za ta iya tura tambaya zuwa bayan jarrabawa. Aikin kansa dai a takarda za a yi shi, da biro, kafin a danna ganin amsa.